Kalma Huɗu Daga Manaja

Ka tura lissafin jiya. Kalma huɗu ke nan, kuma duk Bahaushen da ya ji su daga bakin mutum ba zai tsaya tambayar abin da ake nufi ba. Amma a rubuta su a waya, babu sallama, babu alamar tambaya, babu ko aya, a aika wa ƙaramin ma'aikaci bayan sallar isha'i daga lambar manajansa, sai su rabu gida uku. Suna iya zama umarni: maza ka tura, ana jira. Suna iya zama tambaya: shin ka riga ka tura? Suna kuma iya zama tuhuma: na jiya ka tura, alhali na yau ake nema. A fuska ta farko manaja yana ba da aiki, a ta biyu yana neman labari, a ta uku kuwa ya kama ka da laifi. Haruffan ba su canza ba ko ɗaya.

Dalilin yana cikin yadda muke rubuta harshenmu. A baki, "ka" ta umarni gajera ce kuma muryar ƙasa take yi, "ka" ta aikin da ya riga ya wuce kuwa doguwa ce kuma muryar sama take yi. Tambaya ana gane ta ne daga yadda murya ke tashi a ƙarshen zance. Rubutun boko na yau da kullum bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ƙamus irin na Bargery na 1934 ya nuna su domin mai koyo, amma jarida da wasiƙa da littafin makaranta duk sun bar wa mai karatu ya cike da kansa, kuma yawanci yakan cike daidai, domin jimlolin da ke gaba da na baya suna yi masa jagora. Saƙon waya mai kalma huɗu ba shi da gaba, ba shi da baya. Abin da ke cike gurbin shi ne abin da ke zuciyar mai karantawa a daidai lokacin.

A nan mata sun tsira daga rabin matsalar. Ita za a rubuta mata "ki tura" ko "kin tura", harafi ɗaya ya raba gardama. Haka jam'i, "ku tura" da "kun tura". Namiji guda da ake magana da shi kai tsaye shi ne nahawu ya bari a tsakiya.

Wanda aka aika wa wannan saƙo ɗan wata yayata ne, akawu a wani kamfanin da ke sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ta Kano yana tara wa masu fitarwa waje. Aikinsa shi ne kowace yamma ya haɗa buhunan da suka shiga sito, nauyin da sikeli ya nuna, kuɗin da aka biya dillalai da 'yan dako, ya tura wa Alhaji mai kamfanin, ya kuma ajiye kwafi a zauren ma'aikata na WhatsApp. Manaja shi ne tsakaninsa da Alhaji. Ranar da saƙon ya shigo, yaron ya riga ya san wani abu da ke damunsa: a lissafin jiyan ya rubuta buhu 240, amma da aka sake ƙirga sito da safe 238 aka samu, ya gyara a littafinsa bai faɗa wa kowa ba. Don haka da ya karanta kalmomin nan huɗu, fuska ta uku ya ji, da muryar manaja a sama, har da yadda yake tsuke baki idan ransa ya ɓaci. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

Ya kira ni yana tambaya ko ya rubuta doguwar takardar ban haƙuri. Na ce ya dakata, ya fara jan yatsa sama ya karanta mini saƙonnin da manajan ya aiko masa a 'yan makonnin da suka wuce. Ya karanta. "Mota ta iso." "Kira direba." "Nawa ne saura." "Ok." "Gobe da wuri." Babu sallama a ko ɗaya. Babu alamar tambaya ko a inda tambayar take a fili. Har ranar da aka ba shi kuɗin goron sallah, abin da aka rubuto masa shi ne "Duba asusunka". Mutumin da ya sanar da kai alheri da kalma biyu ba za a ce kalma huɗu daga gare shi fushi ba ne.

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi: saƙo ba a auna shi da yadda kai kake rubutu, ko da yadda kake so a rubuto maka. Ana auna shi da yadda mai shi ya saba rubutu. Gajarta ita kaɗai ba shaida ba ce. Sauyi shi ne shaida. Idan manajar da kullum take fara saƙo da "Salam, ya aiki" ta kuma rufe da "na gode" ta wayi gari tana aiko maka da kalma uku tsirara, akwai abin dubawa, ko da ba lalle kai ne sanadi ba. Idan kuwa mutum ne da tun ranar da ka san shi haka yake, ba ka da komai a hannu sai tsoronka.

Me ya sa tsoron yake rinjaya? Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun taɓa wannan. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun sa ɗalibai a Amurka su isar da jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, wasu ta imel wasu da murya. Masu aikawa sun yi zaton za a gane nufinsu kusan sau 78 cikin 100. Da murya an gane kusan sau 73. A rubuce kuwa kusan sau 56 kawai, wato da kaɗan ya fi canke. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne mai aikawa bai san an yi asarar komai ba. Yana rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa, sai ya ɗauka muryar ta bi saƙon. Manajan Dawanau da ya danna kalmominsa huɗu ya ji doguwar "ka" da tashin murya a ƙarshe, ya tabbata tambaya ya yi. Bayan shekara uku, a 2008, Kristin Byron ta yi bayanin yadda saƙon imel a wurin aiki yake sauka mataki ɗaya a kunnen mai karɓa: mai daɗi a ji shi tsaka-tsaki, tsaka-tsaki a ji shi da ɗaci. Turanci da Amurkawa aka yi waɗannan nazarce-nazarce a kansu, amma ban ga abin da zai sa harshen da rubutunsa ke zubar da karin sauti ya fi sauƙi ba.

Mu kuma muna da wani ƙarin nauyi, wato gaisuwa. A wurinmu shiga magana babu gaisuwa ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabcin da ya wuce ka bai ce maka sannu ba ya riga ya sanar da kai cewa akwai magana, kuma gaba tsakanin mutum biyu da ɗauke gaisuwa take farawa. Yaron da ya tashi da wannan tarbiyya, idan ya buɗe waya ya ga saƙo babu sallama, jikinsa yakan amsa kafin hankalinsa. Sai dai ana mantawa da ɗaya ɓangaren al'adar. Gaisuwa daga ƙasa take hawa. Yaro ne yake zuwa ya durƙusa ya jero ina kwana, ina gajiya, ya iyali, babba kuwa ya amsa da "lafiya" ɗaya ko biyu ya shiga abin da ke gabansa. Uba ba ya gaida ɗansa kafin ya aike shi. Maigidan shago a Kantin Kwari ba ya tambayar yaronsa kwanan gida kafin ya ce ɗauko bandir ɗin can. Manaja da ya rubuto babu gaisuwa sau da yawa matsayinsa kawai ya zauna a kai. Ana iya cewa bai kyauta ba, ni ma ina da abin cewa a kan haka, amma rashin kyautatawa daban, fushi daban.

Akwai kuma wani gajartawa da yake fitowa daga kiyaye mutunci. Manaja namiji mai iyali da yake rubuta wa ma'aikaciya, musamman da dare, yakan datse saƙonsa da gangan. Ba ya son ranar da mijinta ko matarsa za su ɗauki wayar su ga "ya gajiya, ya gida" su fara lissafi. Ita kuma tana iya karanta bushewar a matsayin ƙiyayya, alhali katanga ce ya gina domin su biyu.

Kada kuma a manta da hannun da ya koyi rubutun. Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001, kuma waɗanda suke manajoji a yau da yawansu a kan ƙaramar waya mai maɓallai suka koyi tes, lokacin da kowane saƙo kuɗi ne kuma iyakarsa harafi 160. Idan ma ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ, iyakar takan faɗo zuwa 70. Wanda ya yi shekaru yana ƙirga haruffa ba ya sakin hannu don kawai WhatsApp ya zo. Ga kuma gadon ofis, inda babba yake rubuta kalma biyu a gefen fayil ya miƙa wa masinja. Matashin da ya buɗe ido da saƙo kyauta da 'yan hotunan fuska masu dariya yana karanta rubutun wani zamani da ƙa'idar nasa zamanin. Ko aya ma ta shiga wannan rigima. Wani bincike da Celia Klin da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Binghamton, wanda ya fito a 2016, ya nuna ɗalibai suna ganin gajeriyar amsar tes da aka rufe da aya ba ta kai wadda aka bari a buɗe nuna gaskiyar zuciya ba, amma ba su ji haka ba idan da hannu aka rubuta amsar a takarda. Dattijon da malamin firamare ya dake shi a kan aya zai ci gaba da sa ta har ya mutu, ba tare da ya san wani yaro yana can yana fassara ɗigon ba.

Mu koma Dawanau. Bayan duba saƙonnin baya, abu na biyu da na tambayi yaron shi ne lokaci da mahalli. Ƙarfe nawa saƙon ya shigo, kuma me ke faruwa a kamfanin a wannan sa'a? Ya ce wajen tara saura, kuma a ranar ana lodin tirela da za ta tafi Legas da asuba. To, a irin wannan dare Alhaji yakan kira manaja ya tambayi abin da ke sito kafin ya amince a rufe mota. Wato mai yiwuwa manajan yana tsaye a bakin sito, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu, 'yan dako suna jiran sallama, ya danna abin da ya danna da babban yatsa. Gajeren saƙo ya fi yawan ba da labarin inda mai shi yake tsaye fiye da abin da ke ransa. Mutum a cikin taro, ko a bayan sitiyari a cunkoson Kurna, ko a sahu ana shirin tayar da salla, ba ya rubuta fiye da abin da ya zama dole.

Abu na uku shi ne ya raba abin da ya sani da abin da manaja ya sani. Buhu biyun nan suna cikin littafinsa da cikin kansa. Shin akwai hanyar da manajan ya bi ya gani? Mai gadin sito ya sani? An tura gyaran a wani wuri? Ya ce a'a. Saboda haka fassarar da ta fi tayar masa da hankali ita ce mafi ƙarancin hujja. Wannan tarko ne da kowa ke faɗawa: abin da ka ɓoye yakan yi maka kamar an rubuta shi a goshinka, sai ka ɗora shi a kan duk saƙon da ya shigo.

Sannan muka zo kan amsa. A nan ne mutane suka fi ɓata lamari, domin sukan amsa muryar da suka ji maimakon aikin da aka ambata. Wani ya rubuta layi goma na rantsuwa da ban haƙuri, ya tona laifin da ba a tambaye shi ba ta hanyar da za ta sa ya yi kama da babba. Wani ya hau dokin zuciya ya mayar da kalma ɗaya mai sanyi, shi ma a nuna masa yana da rai. Wani kuma ya rubuta "Oga lafiya dai ko, na yi laifi ne?", wanda yake tilasta wa mutumin da ke tsakiyar aiki ya tsaya lallashi, kuma idan da babu fushi, yanzu an ba shi dalilin ƙosawa. Amsar da ta fi ita ce wadda za ta yi daidai ko wace fuska saƙon yake da ita. Ga abin da yaron ya tura:

"Ranka ya daɗe, na tura wa Alhaji lissafin jiya da ƙarfe 6 na yamman jiya, ga shi na sake sa maka a nan. Akwai gyara ɗaya: buhu 238 ne ba 240 ba, mun sake ƙirgawa da safe. Na yau ina haɗawa, zai shigo kafin ƙarfe 10."

A duba abin da wannan ya yi. Idan umarni ne, an cika. Idan tambaya ce, an amsa har da lokaci. Idan tuhuma ce cewa na jiya aka tura maimakon na yau, an faɗi lokacin da na yau zai zo. Buhu biyun kuma sun fito a matsayin gyaran akawu mai lura, a jimla ɗaya, babu kuka. Akwai girmamawa a farko domin daga ƙasa saƙon yake hawa, amma babu kalma ɗaya game da ran manaja.

Amsa ta dawo bayan ɗan lokaci: "To".

Yaron ya sake kira, wai yanzu kuma wannan fa? Na yi dariya, amma tambayarsa tana da tushe. A baki "to" tana da 'yan'uwa da yawa. Akwai gajera mai faɗuwa ta amincewa. Akwai doguwa da ake ja idan labari ya ba da mamaki. Akwai wadda uwa take yi idan ta gaji da gargaɗi ta bar yaro da halinsa, wadda duk wanda ya taɓa jin ta ya san gara a zage shi. A rubuce dukkansu harafi biyu ne, shi ya sa matasa suka ƙirƙiro "toh" da "tohm" da "tooo" suna neman mayar wa kalmar abin da rubutu ya ƙwace mata. Amma "to" da ta biyo bayan cikakken rahoto, daga mutumin da amsarsa ta kullum `Ok` ce, rasit ce kawai: kaya sun iso. Da akwai sauran magana a kan buhunan, da tambaya ce za ta biyo baya, wa ya ƙirga, ina biyun suka shiga. Mai fushi da lissafi ba ya rufe zance, buɗe shi yake yi.

Ƙananan kalmomin nan da muke yayyafawa a zance su ne wurin da ya kamata mai karatu ya kai ido idan sun bayyana, domin su kaɗai ne ɓangaren murya da rubutu yake iya ɗauka. "Ka tura mana" da nufin matsawa, akwai ƙosawa a ciki, alama ce an jira. "Ka dai tura" akwai shakka ko sassauci, gwargwadon abin da ya gabata. "Ka tura fa" gargaɗi ne, kada ka manta. "Wai ka tura kuwa" ta fi su duka zafi, domin "wai" da "kuwa" sun haɗu sun ce an fara zargin ba ka yi ba. Mutum ba ya ƙara waɗannan don sauri. Mai sauri zubar da su yake yi. Idan ka gan su, an kashe daƙiƙa domin a sa su, kuma abin da aka kashe wa lokaci shi ya cancanci fassara. Saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kamar na manajan Dawanau, saƙo ne da ba a sa masa murya ba sam.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi son mai karatu ya riƙe. A wuraren aikinmu, fushin babba idan ya shiga rubutu ya fi yawan tsawaita saƙo fiye da gajarta shi. Yaron ya ga haka da idonsa bayan wasu watanni, lokacin da aka biya wani dillali sau biyu a kan kaya ɗaya. Saƙon da ya zo ranar ya fara da cikakkiyar sallama. Ya kira shi "Malam" haɗe da cikakken sunansa, mutumin da kullum sunan wasa yake kiransa da shi. Ya ambaci ranar da aka yi biyan farko da ranar na biyu da adadin kuɗin. Ya ce "kamar yadda na sha gaya maka". Daga tsakiya ya juya zuwa Turanci. Kuma ba a lambarsa aka aiko ba, a zauren ma'aikata aka sa, inda Alhaji yake gani.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da ma'ana. Ladabin da ya wuce na kullum ja da baya ne, an cire ka daga cikin na gida an mayar da kai baƙo. Kwanan wata da adadi suna nuna an fara tara hujja, saƙon ya zama abin da za a iya nunawa gobe. Ambaton gargaɗin baya yana cewa ba wannan ne karo na farko ba. Komawa Turanci, ga manajan da ya saba yi maka Hausa, komawa ce ga harshen takardar tuhuma. Sa shi a gaban jama'a kuwa neman shaidu ne. Ma'aikacin da yake firgita da kalma huɗu amma ya ga doguwar sallama ya saki jiki ya karanta al'amarin a juye.

Fushi yana da wata hanyar kuma, wadda ba ta da haruffa ko kaɗan. Tun da WhatsApp ya kawo alamar nan shuɗiya a 2014, ana iya ganin an karanta saƙo ba a amsa ba. Shiru na awa biyu ba komai ba ne, mutum yana buɗe saƙo a kan hanya ya manta. Abin lura shi ne shirun da ya zo tare da sauyin hanya: aikin da kullum kai ake ba, yau an ba na kusa da kai, tambayar da ya kamata a yi maka, an aiko wani ya yi maka, kana zaure ɗaya da mutum yana amsa wa kowa yana tsallake naka. Idan haka ta ɗore kwana biyu ko uku, an wuce batun fassarar saƙo, sai a nemi ganawa.

Ganawar ita ce ma'auni na ƙarshe, kuma ita ce mai yanke hukunci. Labarin zuciya a tambayi fuska. Gaisuwar safe ta rabin minti a bakin ofis tana faɗin abin da karatun saƙo sau ashirin ba zai faɗa ba: ya ɗago ya dube ka, ya amsa kamar kullum, ya tsokane ka kamar yadda ya saba? Idan nesa ta hana, kiran waya ya fi saƙon murya, saƙon murya kuma ya fi rubutu, domin kowane ɗaya yana dawo da wani abu daga abin da aka zubar. Sai dai kiran ya kasance a kan aiki. A ce "Yallaɓai, na kira ne in tabbatar lissafin ya iso kuma babu abin da za a ƙara", a bar kunne ya yi sauran aikin. Cikin jimlarsa ta farko za ka ji abin da kake nema.

Duk wannan yana da iyaka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sabon ma'aikaci ba shi da saƙonnin baya da zai auna da su, dole ya tambayi waɗanda ya tarar yadda maigidan yake rubutu. Akwai manajan da halinsa ba ya zama wuri ɗaya, yau fara'a gobe hadari, wanda babu ma'aunin da zai kama shi. Akwai kuma wanda ya san sarai abin da gajeren saƙo yake yi wa na ƙasa, yake kuma amfani da shi da gangan. Shi ne mai aiko da `See me` ko "Ka same ni ofis gobe" da ƙarfe goma na dare, babu dalili, ya kashe waya ya kwanta. Wannan saƙo ya bambanta da na Dawanau ta hanya ɗaya mai muhimmanci. Na Dawanau ya ambaci aiki, don haka ana iya amsa shi da aiki. Wannan bai ambaci komai ba sai kai. Babu rahoton da za ka tura ka huta. Abin da ya rage shi ne tambaya ɗaya cikin ladabi, "To ranka ya daɗe, akwai takardun da zan zo da su?", wadda wani lokaci takan fito da batun. Idan ba ta fito da shi ba, ka sani ana kiran mutum ofis domin ƙarin aiki, da canjin wuri, da tambaya a kan wani, da aike, fiye da yadda ake kiransa domin kora, kuma ba za ka iya bambance su daga kan katifa ba.

A nan hukuncina ya fi karkata kan na sama. Ma'aikaci yana karanta saƙon manaja da albashinsa, da kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara a zuciya, shi kuwa manaja ya rubuta ya manta kafin ya mayar da wayar aljihu. Tunda nauyin bai zo daidai ba, wanda abin bai dame shi ba shi ya fi sauƙin gyarawa. Ba a ce ya jero gaisuwa ba. Idan tambaya yake yi, "shin" a farko ko "ko" a ƙarshe ta wadatar. Idan umarni ne, ya faɗi lokacin da yake so. Idan kira ne zuwa ofis, ya ƙara kalma uku ya ce a kan mene ne. Wanda kuwa ba zai iya faɗin dalilin a rubuce ba, don Allah ya riƙe saƙon nasa har gari ya waye.